Sha Shida Cikin Arba'in

Yaya ta fito daga ɗakin jarrabawa wajen ƙarfe sha biyu saura, riƙe da wata 'yar takarda mai kama da rasit. Ba ta ko dubi inda nake ba. Ta wuce rumfar da masu rakiya suke zaune, ta nufi gindin bishiyar da na jingine babur, ta tsaya tana jijjiga ƙafa.

"Auta, tashi mu tafi gida."

Na ce, "Ba da sauran biyu ba?"

"Na ce ka tayar da babur."

Ban tayar ba. Na buɗe robar ruwa na miƙa mata, ta karɓa ta riƙe ba ta sha ba.

Yaya ce babba a gidanmu, ni ne ƙarami, shekara goma sha ɗaya ne tsakaninmu. Ita ta goye ni. Tun kafin in fara koyon fentin mota take aiki a wani ƙaramin asibiti, tana shara, tana wankin zannuwan gado, tana tura keken marasa lafiya. Ta san sunayen magunguna fiye da wasu masu farin kaya, amma ba ta da takarda. Sai bara, bayan ta yaye ɗanta na uku, ta haɗa sakamakon sakandare. Makarantar koyon aikin jinya kuwa ba ta karɓar wanda ya cika talatin da biyar, ita kuma saura mata wata huɗu. Wannan ce jarrabawarta ta farko a wurin, kuma babu wata bayanta.

Darussa huɗu ne, duk a kwamfuta, kowanne tambaya arba'in, maki ɗari. An yi Bayoloji da Kemistiri da safe. Da ƙarfe biyu za a koma a yi Turanci da Lissafi a zama guda na awa biyu, kowa ya raba lokacinsa yadda ya ga dama. Da ka gama, inji zai tofo maka takardar makinka a bakin ƙofa.

Na zare takardar daga hannunta. Bayoloji saba'in da biyar. Kemistiri arba'in da biyar.

"To ai wannan da kyau, Yaya."

"Da kyau a gareji. Sittin ake nema. Darasi huɗu, sittin-sittin, ɗari biyu da arba'in ke nan. Ina da ɗari da ashirin, saura ɗari da ashirin. Sittin a Turanci, sittin a Lissafi. Ni tunda aka haife ni ka taɓa jin na ci sittin a Lissafi?"

Ban taɓa ji ba. Wata shida tana gwada tsofaffin tambayoyi a kan teburin guga, ni nake riƙe mata agogo idan na taso aiki. Turanci takan ci ashirin da takwas, wani lokaci talatin, cikin arba'in. Lissafi kuwa idan an bar ta ta yi a natse, awa guda da ɗoriya, takan kai sha bakwai ko sha takwas. Idan an matsa mata, sai ta zubo zuwa sha biyu, ta yi jifa da biro.

"Gara in tafi da ƙafata," in ji ta, "da in koma in zauna injin nan ya sake tofa min a fuska."

Wata murya ta ce daga bayanmu, "'Yata, wa ya koya miki wannan lissafin? A kai shi ƙara."

Wani dattijo ne da muka zauna benci ɗaya da shi tun safe. Ya yi ritaya daga aikin akawu, shi ya sa duk rumfar ta koma kiransa Akawu. Biro uku ne a aljihun rigarsa, da kalkuleta a cikin leda an ɗaure ta da roba. 'Yarsa ya rako, wata doguwa mai tabarau, kuma wannan ne zuwansu na uku. Tun safe yake faɗa wa mutane inda banɗaki yake da lokacin da za a buɗe ƙofa, komai ya faɗa kuwa haka yake faruwa.

Ya karɓi takardar, ya kwance robar kalkuleta a hankali kamar mai buɗe rauni.

"Darussan nan ba nauyinsu ɗaya ba. Ki ɗauki jarrabawar gaba ɗaya ɗari ce. Bayoloji yana da arba'in a ciki, Turanci ashirin da biyar, Kemistiri ashirin, Lissafi sha biyar. Kin san da haka?"

"Na sani, Baba. Kaina ne ya ɗauki zafi."

"To bari ya huce. Saba'in da biyar a Bayoloji, kashi uku cikin huɗu ke nan na arba'in, talatin. Arba'in da biyar a Kemistiri, cikin ashirin, tara. Talatin da tara kike da shi a hannu. Saura nawa ya cika sittin?"

"Ashirin da ɗaya."

"Ashirin da ɗaya, kuma akwai arba'in a gaba ba a taɓa ba. Shi ne za ki hau babur?"

Yaya ta zauna a kan tushen bishiyar. Sai lokacin ta sha ruwan.

Akawu ya ji daɗin kansa, ya gyara tsayuwa. Ya tambaye ta wanne ta fi ƙarfi, ta gaya masa. Ya ce to magana ta ƙare. "Lissafi sha biyar ne kacal, shi ne ɗan autan jarrabawar." Ya dube ni. "Ban da kai, yarona." Mutane biyu uku da suka matso suka yi dariya, ni ma na yi.

"Ga dabara. Kowace tambaya zaɓi huɗu gare ta. Ko makaho ya cinka, yakan dace da kamar ɗaya cikin huɗu, goma ke nan cikin arba'in, maki ashirin da biyar. A ma'auninsu ya ba ki uku da ɗigo bakwai biyar. Ki ci ashirin da takwas a Turanci, maki saba'in, sha bakwai da rabi ke nan. Haɗa su." Ya danna, ya juya mana fuskar kalkuleta. "Ashirin da ɗaya da kwata. Kin haye. Saboda haka ki zuba wa Turanci minti ɗari, ki bi shi sau biyu, ki tsefe shi. Minti ashirin na ƙarshe ki shiga Lissafi ki yi ta dannawa. Abin da na ce wa tawa ke nan. Shekara biyu Lissafi yana cinye mata lokaci, bana mun gano shi."

'Yar tasa tana gefe tana goge tabarau da gefen mayafi, ta gyaɗa kai.

Fuskar Yaya ta buɗe yadda ban gani ba cikin wata shida. An ce mata ta rabu da abin da ta fi tsoro, kuma kalkuleta ce ta faɗa. Ta yi ta yi masa godiya har ya fara jin kunya. Ta ciro littafin Turanci daga jaka, na Lissafi kuma ta cusa shi can ƙasa, ƙarƙashin takalmin da ta zo da shi na canji.

Na sayo mata biredi da lemo a bakin ƙofa. Ta ci rabi. Ta karanta shafi ɗaya, ta rufe, ta tashi, ta zauna, ta ce in duba lokaci. Ta kira mijinta ta ce ya tabbata ƙaramin ya ci abinci, ta kashe, ta sake kiransa ta ce kar ya ba shi ruwan sanyi. Rumfar gaba ɗaya haka take. Wani yana zagaye sandar tsakiya yana motsa baki. Wata uwa tana yi wa ɗiyarta fifita da katin jarrabawa. Kwanon rufin ya ɗauki zafi yana ƙas-ƙas.

Da ɗaya da rabi aka fara kiran lambobi. 'Yar Akawu tana cikin na farko-farko, ta shige. Yaya lambarta ta wuce ɗari uku. Ta ba ni jaka da waya, ta shafa aljihunta sau biyu don katin, ta shiga ƙofar shingen waya ta bi layi. Daga nan babu mai rakiya da ke wucewa.

Zama ya gagare ni. Ban san abin da ya hana ni ba, lissafin Akawu dai ban ga inda ya karkace ba. Na je na duba babur, yana nan. Na dawo. Na sake tashi, sai ƙafata ta kai ni gaban allon sanarwa da ke jikin ɗakin maigadi, saboda akwai inuwa a wurin.

Ni a aji biyu na sakandare na tsaya. Karatuna da yatsa nake yinsa, ina motsa leɓe, kuma idan na fara abu sai na kai ƙarshensa. A gareji na samo wannan hali. Shekarata ta biyu, Oga ya kawo sabon fenti mai ƙyalli na wani kamfani da ba mu saba da shi ba, na haɗa shi da maganin bushewa a ma'aunin tsohon da na haddace. Ashe sabon ya fi son maganin. Na fesa murfin injin wata mota, ya yi kyau kamar madubi, amma kwana uku yana danƙo, ƙudaje suna sauka suna maƙalewa. Sai da muka kankare shi har ƙarfe. Tun ranar Oga ya kafa doka, ko gwangwanin da ka buɗe jiya ne sai ka karanta jikinsa har ƙasa kafin ka zuba. Yaran gareji suna ce min Mai Karatu don tsokana.

Takarda biyu ce a allon. Ta sama ta sha rana har ta yi ruwan ƙasa, a ciki na ga nauyin darussa, daidai yadda Akawu ya faɗa, da sittin ɗin da ake nema. Ta ƙasa fara ce, sabon bugu, an manna ta daidai gwiwa inda sai ka durƙusa. Na durƙusa. Layin farko a kan waya ne, na biyu a kan makara, na uku a kan katin shaida. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. A layi na bakwai yatsana ya tsaya. Na karanta shi sau uku don kar in yi wa Turancin ƙarya. Cewa yake daga bana, duk wanda ya samu ƙasa da arba'in a kowane darasi guda, ba za a ɗauke shi ba, ko nawa jimillarsa ta kai.

Cinkar Akawu ashirin da biyar take bayarwa.

Na ari biro a hannun wata mata, na fara rubutu a bayan hannuna, tunda ba takarda. Tambaya arba'in maki ɗari, ke nan kowace huɗu maki goma. Maki arba'in, huɗu sau huɗu, tambaya sha shida. To arba'in a Lissafi me zai ba ta a ma'auninsu? Kashi goma na sha biyar, ɗaya da rabi ne, sau huɗu, shida. Cire shida daga ashirin da ɗaya, saura sha biyar, daga Turanci za su fito. Turanci ashirin da biyar ne a ma'auni, ɗari a takarda, sau huɗu ke nan. Sha biyar sau huɗu, sittin. Maki sittin, tambaya ashirin da huɗu.

Na sake bi daga farko, ya fito haka. Ashirin da huɗu a Turanci Yaya za ta ci su ko da zazzaɓi. Sha shidan nan ne suke buƙatar awa guda da ɗoriya, ita kuwa minti ashirin ta ware musu.

Na ruga rumfa wajen Akawu. "Baba, zo ka ga wani abu a allo."

"Allon nan na haddace shi tun kana wasan ƙasa."

"Akwai sabuwar takarda a ƙasa. An ce ƙasa da arba'in a darasi ɗaya, mutum ya fita."

"Babu wannan dokar. Shekara uku ina zuwa wurin nan."

"Bana aka sa ta, Baba."

Ya dube ni, ya dubi rubutun da ke bayan hannuna da fentin da ya maƙale a farcena. Na ga abin da ya gani. Ban tsaya jayayya ba, na bar shi na nufi ƙofa.

Maigadin wani ƙaƙƙarfa ne mai sanda. Na ce, "Ofisa, don Allah magana ɗaya zan faɗa wa yayata."

"Kowa magana ɗaya gare shi. Koma baya."

"Ko kai ka kai mata."

"Ni ɗan aike ne? Koma baya na ce."

Na koma baya, na bi jikin wayar shinge da gudu, ta cikin ciyawa da fasassun kwalabe, zuwa inda layin ya lanƙwasa kusa da matakala. Ga ta can, saura mutum kamar goma ta shiga, tana kallon ƙasa tana motsa baki.

"Yaya!"

Mata kusan ashirin suka waigo, ban da ita.

Akwai sunan da ake kiranta da shi tana yarinya, saboda rama. Rabon da wani ya furta shi tun kafin aurenta, wanda ya gwada na ƙarshe ma bai ji da daɗi ba. Na cika ƙirji.

"Tsinke!"

Ta ɗago kamar an watsa mata ruwa. Idonta ya same ni, na ga kashedi a ciki.

"Kar ki cinki Lissafi! Sabuwar doka! Ƙasa da arba'in an fitar da ke!" Na ɗaga yatsu goma, na sake ɗaga shida. "Sha shida a Lissafi! Ashirin da huɗu a Turanci sun isa! Fara da Lissafi!"

Ta yamutsa fuska, ta buɗe hannu alamar me kake cewa. Janareta yana ruri a bayan ginin. Na sake ɗaga yatsun. Ta dubi wajen rumfa, inda Akawu yake, ta sake dubana. Wata ma'aikaciya ta taɓa kafaɗarta, layi ya motsa, ta hau matakala. Ba ta sake waigowa ba.

Hannu ya damƙi wuyan rigata ta baya.

"Amsa kake ba ta ko? Sha shida, ashirin da huɗu. A gabana!"

"Ofisa, amsar me? Ko tambayoyin ba a buɗe ba."

"Za ka yi bayani a ofis."

Ya tasa ni gaba har ɗakinsa, mutanen rumfa suna miƙa wuya. Na ce kafin ofis ya taimaka ya dubi layi na bakwai. Muna isa allon muka tarar da Akawu a durƙushe a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa, ya ɗaga tabaransa sama da hanci. Ya daɗe a haka. Maigadi ya leƙa ta saman kansa, ya karanta, ya sake ni.

"Ni na manna ta shekaranjiya," in ji shi. "Wurin da ya rage a allon ke nan." Ya sosa ƙeya. "Kuma ai tana cikin takardar da aka tura wa kowa, shafi na biyu."

Na tuna ranar da mijin Yaya ya dawo daga shagon buga takardu da shafi ɗaya, ya ce na biyun duk ƙananan rubutu ne, katin shi ne mai amfani.

Akawu ya dafa bango ya miƙe. Ya ce wa maigadi, a hankali, ko za a iya kai wa 'yarsa saƙo. Maigadi ya nuna masa ƙofar ɗakin jarrabawa, an riga an rufe ta. Ƙarfe biyu da minti uku.

Awa biyun nan ban san inda zan ajiye jikina ba. Na zauna, benci ya yi zafi. Na je wajen babur na goge madubi da ba shi da datti. Wayar Yaya ta yi ƙara a jaka, mijinta ne, na ce masa ta shiga lafiya, ban ƙara komai ba. Na ƙirga tagogin ginin, sha huɗu ne, na sake ƙirgawa. Abin da ke cina shi ne ban san ko ta ji ba. Idan ma ta ji, wa za ta bi? Dattijo mai kalkuleta wanda ya hana ta hawa babur, ko ƙaninta da ita ta koya masa haɗa baƙi, ta kuma sha kuka ranar da ya bar makaranta? Wani tunanin ma ya fi wannan muni. Idan ta ji rabi, ta rikice, ta bar Turancin da ta iya ta nutse a Lissafin da ba ta iya ba, ta rasa duka biyun, to ni na jawo.

Na sake duba bayan hannuna. Gumi ya fara cin lambobin.

Akawu bai koma wurinsa na tsakiyar rumfa ba. Ya zauna a ƙarshen benci, kalkuleta a cinya. Wata mata ta tambaye shi ƙarfe nawa za a fito, ya ce bai sani ba. Can na matsa kusa da shi, na miƙa masa sauran ruwan.

"Tawa ta iya Lissafi fa," in ji shi, ba tare da ya dube ni ba. "Jinkiri ne kawai gare ta. Idan an bar ta takan ci ashirin da biyu. Ni na ce ta bari."

"Wataƙila ta ga dokar a ciki, Baba."

"Ko ta gani, abin da na ce za ta yi. Haka na rene ta."

Muka ci gaba da kallon ƙofa ɗaya.

Huɗu saura minti biyar aka fara fitowa. 'Yar Akawu tana cikin na farko, tana tafe da sauri, tana murmushi, takarda a sama.

"Baba, tamanin da biyar a Turanci!"

Ya karɓa. Ina tsaye kusa, na gani. Lissafi talatin. Da safe tana da arba'in cif a ma'auni, ya gaya wa kowa tun ɗazu. Ya danna kalkuleta duk da haka, ta nuna sittin da biyar da ɗigo bakwai biyar. Ya kama hannunta ya kai ta gaban allon, ya nuna mata ƙasa. Na kau da kaina.

Mutane suka yi ta fitowa, wasu da dariya, wasu suna cusa takarda a aljihu tun kafin a tambaye su. Layin ya sirance. Babu Yaya. Huɗu ta yi, ta wuce da minti biyar. Na kama wayar shinge har ta yi min shaida a tafin hannu.

Ita ce ta kusa ƙarshe. Tana saukowa matakala a hankali, mayafinta ya zame gefe, gefen hannunta duk tawada daga takardar gwaji. Ta fito ƙofa, ta zo har gabana, ta kama kunnena ta murɗa.

"Wa kake kira Tsinke a gaban mutane?"

"Yaya, kin ji ni?"

"Sha shida kawai na ji, da Lissafi. Na ce yaron nan rana ta taɓa shi." Ta saki kunnen. "Da na zauna, sai ga shafin dokoki a kwamfuta, wanda da safe na danna na wuce. Kowa na gefena ya wuce shi. Na ce bari in yi irin na Mai Karatu. Na sa yatsa."

"Sai kika fara da Lissafi."

"Minti saba'in da biyar. Ina yi ina ƙirga waɗanda na tabbatar, sun ƙi wuce sha huɗu. Sauran na yi ta fama da su. Turanci kuwa a guje na yi shi, biyar na ƙarshe ko karanta su ban yi da kyau ba." Ta miƙo takardar a ninke. "Ban duba ba. Duba min."

Na buɗe. Lissafi arba'in da biyu da rabi, tambaya sha bakwai ke nan. Turanci sittin da biyu da rabi, ashirin da biyar.

"Lissafi ya haye," na ce. Ta leƙo takardar.

"Jimilla fa? Turancin ya yi ƙasa, Auta. Ban taɓa cin ƙasa da saba'in ba."

Na san sha bakwai ta fi sha shida, ashirin da biyar ta fi ashirin da huɗu, ke nan ya isa. Amma lissafin bayan hannu ne, rabinsa ma gumi ya goge, kuma shekara goma sha ɗaya na sharar asibiti ne a kansa. Na fara neman biro, rabi-rabin nan suna ta zame min.

"Kawo nan, yarona."

Akawu ne. 'Yarsa tana bayansa, ta cire tabarau, idonta ja. Ya karɓi takardar, ya ɗora a kan sirdin babur, ya danna a hankali yana faɗa da baki.

"Sittin da biyu da rabi, a ma'aunin ashirin da biyar, sha biyar da ɗigo shida biyu biyar. Arba'in da biyu da rabi, a ma'aunin sha biyar, shida da ɗigo uku bakwai biyar. Ashirin da biyu cif. Da talatin da tara na safe." Ya goge, ya sake yi daga farko. Sannan ya bi darussan huɗu da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yana duba ko akwai wanda ya gaza arba'in. "Sittin da ɗaya. Babu na ƙasa da arba'in. 'Yata, kin shiga."

Yaya ta zauna a kan tushen bishiyar nan, ta rufe fuska da mayafi. Kafaɗunta suna rawa. Da ta ɗago ta ga yarinyar, sai ta gane. Ta tashi ta riƙe hannunta biyu.

"Shekarunki nawa, ƙanwata?"

"Ashirin."

"Baɗi ina aji biyu. Zan zo in tsaya miki a bakin wayar can."

Yarinyar ta yi ɗan murmushi, hawaye na zuba. Akawu ya mayar da kalkuleta cikin leda, ya ɗaure robar. Ya tambaye ni inda garejinmu yake, na kwatanta masa. Ya gyaɗa kai, ya ce wa 'yarsa ta jira shi. Muna kallonsa ya koma gaban allon, ya ciro biro ɗaya da 'yar takarda, ya durƙusa, ya fara kwafe dokokin tun daga layi na farko.

Na tayar da babur. Yaya ta hau, ta rungume jakar a tsakaninmu.

"Tsaya a asibiti," in ji ta. "Ina da aikin yamma, kuma ina so in ga fuskar babbar nas."